Aikatau Biyu, Aiki Ɗaya: Yadda Bayarabe Ke Jera Magana

Idan Bayarabe zai ce wani ya kawo littafi, cewa yake yi "Ó mú ìwé wá". Kalma bayan kalma, abin da ya faɗa shi ne: ya, ɗauka, littafi, zo. Aikatau biyu ke nan a jere, mú da wá, babu mahaɗi a tsakaninsu, kuma wakilin suna sau ɗaya tak ya fito, a farkon jimla. Duk da haka aiki ɗaya ake nufi, wato kawowa. Wannan gini shi masana nahawu ke kira jerin aikatau. Ya cika Yarbanci da Nufanci da Ewe da Twi, akwai shi kuma a Sinanci. Tun a 1875 J. G. Christaller ya bayyana shi a littafinsa na nahawun Twi.

Da jin haka Bahaushe zai ce ai mu ma muna yi: "ya ɗauki littafi ya zo". To, a duba da kyau. A Hausa "ya" sau biyu ya fito, domin kowane aikatau sai ya zo da lamirinsa mai nuna wanda ya yi aikin da kuma lokacin. Ba a cewa "ya ɗauki littafi zo". Ganguna biyu ne aka haɗa, kowace tana iya tsayawa da ƙafarta. Yarbanci ma yana da irin wannan haɗi, da kalmar sì: "Ó mú ìwé, ó sì wá", ya ɗauki littafi, kuma ya zo. A nan aukuwa biyu ce, ta yiwu ma ya ajiye littafin a hanya. A jimlar farko kuwa littafin ya iso tare da mai shi.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba su, gwajin tambaya. Bayarabe na cewa "Ó fi ọ̀bẹ gé ẹran", ya sa wuƙa yanka nama. Yana iya ciro naman ya mai da shi tambaya: "Kí ni ó fi ọ̀bẹ gé?", me ya yanka da wuƙa? Jimlar ta zauna daidai, don ganga ɗaya ce. Yanzu gwada haka da haɗin Hausa: "Audu ya ci tuwo kuma ya sha fura". Ka ce "Me Audu ya ci tuwo kuma ya sha?" Kunne ya ƙi. Haɗaɗɗun ganguna ba sa yarda a zare abu daga ɗaya a bar ɗayar. Korewa ma haka: "Kò mú ìwé wá", bai kawo littafi ba, kò guda ta rufe aikatau biyun. Amma kada a ɗauki wannan doka ce ta ko'ina. A Twi kowane aikatau na jerin yakan ɗauki alamar korewa tasa, sai dai dole su tafi baki ɗaya, ba a kore ɗaya a bar ɗaya.

Bambancinsa da ganga dogarau ya fi fitowa fili. A "ya ɗauki wuƙa don ya yanka nama", kalmar "don" ta rataye ganga ta biyu a jikin ta farko, niyya kawai ta nuna. Shi ya sa za ka iya ƙarawa da "amma bai yanka ba" ba tare da ka ƙaryata kanka ba. Wanda ya ce "Ó fi ọ̀bẹ gé ẹran" ba shi da wannan dama: nama ya riga ya yanku.

To ina Hausa ta kai aikin da jerin ke yi wa maƙwabtanta? Ta cusa shi cikin jikin aikatau. Wasalin -o na "sayo", "ɗauko", "turo" shi ke ɗauke da ma'anar zuwa nan da Bayarabe ke ware wa wá. Inda shi zai ce "Ó rà á fún mi", ya saye shi ba ni, mu "ya saya mini" muke cewa.

Sai dai, a ganina, masu cewa Hausa ba ta da komai na wannan gini sun yi saurin rufe littafi. Dubi "bai je ya gaishe su ba": korewa ɗaya ta lulluɓe aikatau biyu. Dubi "Me ya je ya sayo?": an zare karɓau daga ganga ta biyu, kunne bai ƙi ba. Irin waɗannan, musamman masu farawa da "je" ko "zo" ko "tashi", sun ci biyu daga gwaje-gwajen jeri. Abin da ya hana a sa su layi ɗaya da na Yarbanci shi ne "ya" ɗin nan na biyu, wanda Hausa ba ta yarda a jefar da shi.