Naira Dubu 150 Da Yara 180: Yadda Ƙaramar Makarantar Kuɗi Za Ta Tsara Gyaran Kanta

Idan hutun ƙarshen shekara ya kusa ƙarewa, a unguwanni da dama za ka ga mai fenti a bakin ƙofar makarantun kuɗi. Ana sabunta launin katanga, ana zana tuffa da jirgin sama, ana rataya sabon allon sanarwa. Mai makaranta ya kashe ɗan abin da ya rage masa, kuma a ransa ya yi gyara. Amma yaron da ya tafi hutu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, haka zai dawo ya zauna a cikin ajin mai sabon fenti.

Tsarin inganta makaranta takarda ce gajera, shafi biyu ko uku, da ke amsa tambayoyi huɗu: ina muke yanzu, ina muke son kaiwa nan da shekara guda, wa zai yi me, kuma da wane kuɗi. Makarantun gwamnati a Kano da Kaduna da Jigawa sun saba da irin wannan takarda tun lokacin shirin ESSPIN da ya fara a 2008, inda ake zama da kwamitin al'umma a rubuta buƙatun makaranta. Bambancin shi ne makarantar kuɗi ba ta jiran tallafin kowa. Abin da iyaye suka biya shi ne jarinta, don haka kuskuren lissafi ɗaya yana iya cinye mata shekara.

Bari mu ɗauki misalin wata makaranta da muka ƙaddara, mai yara 180 daga rabin aji zuwa aji shida, da malamai takwas, a gidan haya. Alƙaluman na misali ne, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu.

Kuɗin da ke takarda da kuɗin da ke hannu

Kuɗin makaranta Naira 15,000 ne a zango. A takarda ke nan ana sa ran Naira 2,700,000. To amma da aka buɗe littafin rasit na zangon da ya wuce, sai aka tarar kashi 80 cikin ɗari kawai suka shigo, wato Naira 2,160,000. Da wannan adadin ake tsari, domin ba a cefane da bashin da ke hannun mutane.

Sai a zo kan abin da ke fita. Shekara wata goma sha biyu ce, zango kuwa uku, saboda haka kuɗin kowane zango dole ya ɗauki albashin wata huɗu, har da na hutu. Malamai takwas a kan Naira 40,000 sun kama Naira 1,280,000. Shugabar makaranta a kan 55,000 ta kama 220,000. Maigadi da mai shara sun kama 200,000. Hayar gida 600,000 ce a shekara, wato 200,000 a zango. Ruwa da alli da wuta da kuɗaɗen hukuma sun ci 110,000. Jimilla Naira 2,010,000. Abin da ya rage shi ne Naira 150,000 a zango, ko 450,000 a shekara. Duk wani buri da ya fi ƙarfin wannan adadi, kamar ɗakin kwamfuta ko motar ɗaukar yara, sai a rubuta shi a wata takarda daban a ajiye.

Akwai abin lura a nan. Bashin da ke hannun iyaye ya kai Naira 540,000 a zango ɗaya. Idan aka karɓo kashi ɗaya cikin uku na wannan bashi, an samu 180,000, wanda ya zarce duk rarar makarantar. Ke nan tun kafin a yi tunanin ƙara kuɗin makaranta, wanda kan kori wasu iyayen, akwai kuɗin gyara a cikin littafin rasit.

A saurari kowane yaro yana karatu

Mataki na biyu shi ne sanin abin da yaran suka iya. Sakamakon jarrabawar ƙarshen zango ba zai faɗi gaskiya ba, domin yaro kan haddace abin da ke allo ya zuba shi a takarda. Hanya mafi araha ita ce wadda ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yaɗa, wadda kuma aka gwada a makarantun Kano da Borno: a zauna da yaro shi kaɗai, a ba shi takarda guda mai ɗauke da haruffa, da kalmomi, da jimloli huɗu masu sauƙi, da ɗan gajeren labari. Ana fara masa da jimlolin. Idan ya karanta sai a hau da shi kan labari, idan ya kasa sai a sauko kan kalmomi, daga nan zuwa haruffa. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa.

Kowane yaro minti biyar ya ishe shi. Yara 120 daga aji biyu zuwa biyar za su ci awa goma, wanda malamai huɗu za su iya gamawa cikin kwana biyu ba tare da an tsayar da karatu ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada malami ya gwada 'yan ajinsa, domin zuciya ba za ta bar shi ya ƙi taimaka wa yaron da ya tsaya yana kame-kame ba. A kuma yi amfani da rubutun da ba ya cikin littafin aji.

A makarantarmu ta misali, ga abin da ya fito daga aji uku mai yara 30: shida ba su gane haruffa ba, tara sun tsaya a haruffa, takwas suna karanta kalmomi, biyar suna karanta jimloli, biyu ne suka karanta labari. Wato yara 23 suna zaune ana koya musu kimiyya da zamantakewa daga littafin da ba za su iya karantawa ba. Wannan shi ne ciwon makarantar, kuma duk sauran darussa a kansa suka rataya.

Abu uku kawai

Mai makaranta zai so ya rubuta abu goma sha biyar. Shugabar makaranta da malamai da wakilan iyaye su taimaka masa ya yanke su zuwa uku, kowanne da adadi, da ranar cikawa, da sunan wanda za a tambaya.

Na farko shi ne abin da ke barazana ga lafiyar yara, domin wannan ba ya jira. Rushewar ginin wata makaranta a Jos a watan Yulin 2024, inda aka rasa rayuka fiye da ashirin, ta isa darasi. A zaga da birkila a duba tsagewar bango da rufin da ke yoyo da murfin rijiya da ramin masai. A misalinmu an tarar banɗakin 'yan mata ba shi da ƙofa, kuma kwanon aji biyu yana zuba. An ware Naira 50,000, maigidan haya ya amince a cire kuɗin kwanon daga haya mai zuwa, kuma za a gama kafin mako na uku.

Na biyu shi ne karatu. Ba za a rubuta "inganta karatun yara" ba, domin babu wanda zai iya auna wannan. Za a rubuta: zuwa ƙarshen zango na uku, yara 18 cikin 30 na aji uku za su karanta jimloli, maimakon bakwai na yanzu. Yadda za a yi shi ne a ware minti 45 na farkon kowace safiya, a raba yaran aji biyu zuwa biyar bisa matakinsu ba bisa ajinsu ba. Masu haruffa su haɗu wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya, kuma malamin da ya fi ƙwarewa shi za a ba rukunin ƙasa. Da an kaɗa ƙararrawa kowa ya koma ajinsa. Farawa da Hausa yana gaggauta aikin, saboda rubutunta yana bin lafazi: yaron da ya gane ba, bi, bu zai haɗa "baba" da kansa, kuma ya san abin da ya karanta. Da wannan dabarar zai shiga Turanci. Kuɗin da ake buƙata shi ne 40,000 na kwali da maka da hoton takardu don katunan haruffa, da 30,000 na ƙananan littattafan labari. Horon malamai kuwa a cikin gida za a yi shi: awa ɗaya duk mako bayan an tashi, malami ɗaya ya gwada darasi, sauran su zama ɗalibai.

Na uku shi ne karɓar kuɗi: daga kashi 80 zuwa kashi 87 kafin ƙarshen zango na biyu. Yawancin iyayen irin waɗannan makarantu 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, kuɗinsu kullum-kullum yake shigowa. A buɗe musu biya kashi uku, ko Naira 1,250 duk mako har mako goma sha biyu, kamar zubin adashi. Kowane biya ya shiga asusun banki na makaranta, kuma a ba da rasit mai lamba. Ragowar Naira 30,000 a bar ta don ko-ta-kwana.

Inda tsari ke karyewa

Mafi yawan lokuta daga aljihun mai makaranta ake fara samun ɓaraka. Biki ya taso ko rashin lafiya, sai a ɗan taɓa kuɗin makaranta da niyyar mayarwa. Maganinsa shi ne ya yanka wa kansa albashi a rubuce, ya tsaya a kansa. Alamar cewa an fara taɓawa ita ce albashi ya fara wuce ranar da aka saba.

Daga nan sai tafiyar malamai. Malama mai takardar NCE da aka horar zango biyu, idan aka hana ta albashin watan Agusta, a Satumba wata makaranta za ta ci moriyar horon. Shi ya sa ake ware albashin hutu tun a makonnin farko na zango, lokacin da kuɗi ke shigowa. Idan karɓar bashi ta yi kyau, ƙarin farko ya tafi ga malaman da suka cika shekara.

Iyaye ma za su yi magana. Wani uba zai zo ya ce, "Malama, ni Turanci na kawo shi ya koya, kuma na ji an mayar da shi cikin ƙananan yara." Amsar ba doguwar muhawara ba ce. A zaunar da shi, a miƙa wa ɗansa takardar gwajin a gabansa, sannan a ce ya dawo bayan mako shida a sake. Rukunonin kuma a sa musu sunayen launuka ko na tsuntsaye, kada a bari wani ya zama "ajin daƙiƙai" a bakin yara.

A sake gwajin duk bayan mako shida da sabon rubutu, a matsar da duk wanda ya wuce matakinsa. Idan aka yi zagaye biyu rukunin haruffa bai ragu ba, shugabar makaranta ta shiga ta zauna a darasin. Sau da yawa za ta tarar malami na faɗa yara na amsawa baki ɗaya, babu wanda ya riƙe kati a hannunsa. Ta kuma duba rajista, domin yaron da ke zuwa bayan ƙarfe tara kullum yana rasa darasin gaba ɗaya.

A manna takardar tsarin a ofis inda kowa zai gani, a karanta ta a taron iyaye da malamai na kowane zango tare da sababbin alƙaluma. Fenti kuwa a bar shi a jerin shekara mai zuwa. Ranar da yarinya 'yar aji uku ta ɗauki takardar asibiti ta karanta wa kakarta a tsakar gida, maƙwabta za su tambayi wace makaranta take zuwa.