Yadda Zafi Ke Lanƙwasa Fallen Ƙarfe Mai Ruɓi Biyu

Kusan kowane ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya ji zafi, sai dai kowanne da gwargwadonsa. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙaruwa da kimanin milimita 0.012 duk lokacin da zafinta ya hau da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos. Tagulla kuwa, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya, tana ƙaruwa da kimanin milimita 0.019. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma a kansa aka gina falle mai ruɓi biyu: siraran ƙarafa biyu mabambanta da aka manne su gam, tun daga wannan baki har zuwa wancan.

Idan aka ɗumama fallen, tagulla tana neman ta zarce baƙin ƙarfe a tsawo, amma mannewar ta hana ɗaya ya zame a kan ɗaya. Abin da ya rage kawai shi ne fallen ya tanƙwaru kamar baka, tunda gefen waje na kowace lanƙwasa ya fi na ciki tsawo. Tagulla sai ta koma waje, baƙin ƙarfe ya zauna a ciki. Ke nan fallen yana karkata ne zuwa ɓangaren ƙarfen da bai cika miƙewa ba. In aka sanyaya shi ƙasa da zafin da yake miƙe a kai, sai ya karkata ɗaya wajen.

A 1925 ne injiniya Stephen Timoshenko ya wallafa lissafin wannan lanƙwasa. Idan ruɓi biyun kaurinsu ɗaya, lissafin yana taƙaituwa haka:

```
1/R = 3 × Δα × ΔT / (2 × h)
d = L² / (2 × R)
```

A nan R shi ne nisan tsakiyar da'irar da fallen ke bi zuwa bakinta, Δα bambancin miƙewar ƙarafan biyu, ΔT ƙarin zafi, h kuma kaurin fallen duka. L tsawonsa ne, d kuwa tazarar da bakinsa ke gusawa idan an ɗaure ɗaya bakin. Taurin ƙarafan ma yana cikin cikakken lissafin, amma tasirinsa kaɗan ne a irin wannan hali.

A ɗauki falle na tagulla da baƙin ƙarfe, tsawonsa milimita 100, kaurinsa milimita ɗaya, a ƙara masa zafi da digiri 100. Da a rabe suke, da tagulla ta fi baƙin ƙarfe tsawo da milimita 0.07 kacal, kusan kaurin silin gashi. A manne kuwa, R yana fitowa kimanin milimita 950, bakin fallen kuma ya gusa da milimita biyar da kwata. Motsin ya ninku sau 75 ke nan, ba tare da wani inji ba, kuma nan ne cikar hikimar wannan falle take. In an rage kaurin da rabi, gusawar ta ninka biyu. In an ninka tsawon, ta ninka huɗu. Faɗi ba ya shiga lissafin lanƙwasar, ƙarfin turawa kawai yake ƙarawa. Shi ya sa masu ƙera ma'aunin zafi mai allura suke naɗe dogon falle siriri, don ya sami tsawo a ƙaramin wuri.

John Harrison, maƙerin agogo ɗan Ingila, shi ake jingina wa ƙirƙirar fallen, a agogonsa na uku na jirgin ruwa da ya kammala a 1759, domin kada sauyin zafi ya ɓata masa lokaci. A 1896 kuma Charles Édouard Guillaume ya gano inba, haɗin baƙin ƙarfe da nikel kashi 36 cikin ɗari, wanda miƙewarsa kusan kashi ɗaya cikin goma ce ta baƙin ƙarfe. Da inba aka sa a misalin nan a madadin baƙin ƙarfe, da bakin ya gusa da kimanin milimita 13.

Dutsen guga na lantarki shi ne inda aka fi cin karo da shi. Idan dutsen ya kai zafin da aka saita, fallen ya lanƙwashe ya raba bakunan da wuta ke bi, in ya huce ya dawo ya haɗa su. Wannan ce ƙarar "ƙas" da ake ji jefi-jefi. Juya maɓallin yana sauya nisan da fallen zai yi ne kafin ya yanke wutar. Idan fallen ya taɓa shan zafi fiye da kima, ba ya komawa daidai yadda yake, sai dutsen ya riƙa yankewa da wuri ko a makare. Idan kuma tartsatsi ya narkar da bakunan suka liƙe, ƙarar takan ɗauke gaba ɗaya, fitilar ta ƙi mutuwa, zafi ya yi ta hawa. Irin wannan dutse a zare shi daga soket nan take, a kai wa mai gyara.