Nawa Zai Shiga Hannun Inna? Layi Huɗu a Ƙarƙashin Hoton Talla

Da zarar azumi ya raba tsakiya, ko layya ta matso, wani irin hoto yakan fara yawo a wayoyin Hausawan da ke zaune a Landan, Jidda, Hambug ko Niyok. Dattijuwa ce da lulluɓi, tana riƙe da waya tana murmushi. A ƙasan hoton an rubuta: "Tura kuɗi gida kyauta. Babu caji." Mutumin da ya taso daga aikin dare, yana tunanin ɗinkin yara da kuɗin rago, sai ya ji an yaye masa nauyi. Ya danna, ya tura.

Waɗannan 'yan kalmomi na ƙasan hoto su ne abin da nake so mu duba, domin a wurin yawancin masu aike su kaɗai ne yarjejeniyar da suke karantawa. Dogon sharaɗin da ke can ciki, wanda aka rubuta da Turanci ko Faransanci da ƙananan baƙaƙe, ba kowa ke buɗe shi ba. Saboda haka wanda aka ba aikin rubuta layin Hausar nan ya ɗauki amana babba.

Kamfanin aika kuɗi yana samun ribarsa ta ƙofa biyu. Ta farko a fili take, wato kuɗin aike da ake ce maka ka biya, fam uku ko riyal goma sha biyar. Ta biyu tana cikin farashin canji. Kowace rana akwai farashin tsakiya, wanda bankuna ke musayar kuɗi a kansa a junansu. Kamfanin yakan ba ka farashin da bai kai wannan ba, ya riƙe ratar da ke tsakani. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan canji a Wapa da ke Fagge ya san wannan: farashin saye daban, na sayarwa daban, kuma a tsakanin ne ɗan canji yake cin abinci. Ba laifi ba ne, sana'a ce. Laifin yana zuwa ne lokacin da aka rufe ƙofa ta farko da shela, aka faɗaɗa ta biyu a ɓoye, sannan aka kira abin kyauta.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. Wata ma'aikaciyar jinya a Manchasta tana da fam 200 da za ta aika wa mahaifiyarta a Zariya. A ce ranar farashin tsakiya naira 2,000 ne kan fam ɗaya. Da babu wanda zai ci komai a hanya, naira 400,000 ce za ta sauka.

Kamfani na farko ya ce babu caji, amma yana ba da naira 1,920 kan fam. Fam 200 ta zama naira 384,000. An rasa naira 16,000, wato fam takwas, kashi huɗu cikin ɗari na kuɗin. Kamfani na biyu ya fito fili ya ce kuɗin aike fam uku ne, canjinsa kuma 1,990. Aka cire uku, saura 197, suka zama naira 392,030. Abin da aka rasa a nan naira 7,970 ne, kusan kashi biyu cikin ɗari. To ka gani, wanda ya ce zai caje ta ya fi mai "kyauta" kai kuɗi gida da naira 8,030. Idan kuwa duk wata take yin wannan aiken, a shekara bambancin ya haura naira 96,000, kuɗin da zai iya biyan zangon karatun yaro a makarantu da dama.

Wannan hanyar lissafi ba tawa ba ce. Ita Bankin Duniya yake bi tun shekarar 2008 da ya fara bibiyar tsadar aika kuɗi tsakanin ƙasashe: ya haɗa kuɗin aike da ratar canji, ya auna su a kan aiken dala 200. Shekara da shekaru sakamakon yana nuna cewa matsakaicin duniya yana wajen kashi shida cikin ɗari, Afirka ta kudu da Sahara kuma ita ce ta fi ko'ina tsada, wajen kashi takwas. Burin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a 2015 shi ne a sauko ƙasa da kashi uku kafin 2030. Wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi kowa biya, kuma wannan abu yana ci mini rai.

To yaya layin talla na gaskiya zai kasance? Ga yadda zan rubuta wa kamfani na biyu:

"Ka biya fam 200, a karɓi naira 392,030 a asusun banki a Najeriya. Kuɗin aike: fam 3, yana cikin 200 ɗin. Canji: fam 1 = naira 1,990, farashin yau ƙarfe 10 na safe agogon Landan; za ka ga na ƙarshe kafin ka tura. Yana isa cikin awa 24."

Ba ya da armashin "kyauta", amma duba abin da kowace gaɓa take yi. An fara da abin da ya fita aljihu da abin da ya shiga hannu, domin tambayar mai aike ke nan: nawa zai isa? Cewa kuɗin aiken "yana cikin 200 ɗin" yana da muhimmanci, saboda wasu kamfanoni a kai suke ɗorawa, sai ka ga an cire maka 203. Sa'a da ranar farashi kuma dole ne, musamman tun watan Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara a kasuwar canji. Farashin da aka buga ranar Litinin yana iya zama labari ranar Alhamis. An kuma faɗi cewa naira za a karɓa, a asusu. Ƙa'idojin da bankin ya fitar a Janairun 2024 sun ce da naira za a riƙa biyan irin wannan aike, abin da ya haura kwatankwacin dala 200 kuma ta asusu. Idan talla ta bar hoton dalar Amurka tana yawo ba bayani, tsoho zai je banki da zaton zai fito da koren takarda.

Akwai ƙasar da ta mai da wannan bayani doka. A Amurka, tun Oktoban 2013, wajibi ne kamfani ya nuna wa mai aike kuɗin aike, farashin canji da ainihin abin da za a karɓa kafin ya biya, kuma yana da minti 30 da zai iya soke aiken idan ba a riga an karɓa ba. Mutanenmu da yawa a can ba su san da wannan dama ba. Layi ɗaya na Hausa zai sanar da su.

Inda mai rubuta talla da Hausa ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne sunayen kuɗi, domin Hausawa ba su da lissafi iri ɗaya. A Kano jaka ɗaya naira 200 ce. A Maraɗi da Damagaram jika ɗaya sefa 1,000 ce. A bakin mutumin Nijar, dala na nufin sefa biyar, shi ya sa idan ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, yayin da ɗan'uwansa da ke Niyok idan ya ji dala ashirin kuɗin Amurka ne zai zo masa a rai. Tsofaffi a Najeriya har yau wasu suna ce wa naira biyu fam. Ka ga tallar da ta ce "caji dala biyar kacal" ta faɗi abu biyu masu nisan gaske, gwargwadon wanda ya karanta. Maganin shi ne a rubuta adadi da lamba, a cika sunan kuɗin: dalar Amurka 5, sefa 3,000. Ita ma sefar iri biyu ce. Ta Nijar ta Afirka ta Yamma ce, ta Kamaru da Chadi ta Afirka ta Tsakiya, darajarsu ɗaya amma takardar Yamai ba ita ake kashewa a Garwa ba. A faɗi ƙasar da za a karɓa.

Mutanen Nijar da Kamaru da ke aiki a Turai suna da wani sauƙi da 'yan Najeriya ba su da shi. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi ɗaya tak: yuro 1 = sefa 655.957. Ba ya hawa, ba ya sauka. Saboda haka yuro 200 sefa 131,191 ce, yau da gobe. Wanda ke Brussels ta Beljiyam zai aika Tawa, ya ɗebe abin da aka ce za a karɓa daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne ainihin abin da ya biya, ko me tallar ta ce. Mazauna Saudiyya kuma su tuna cewa tun Yulin 2020 harajin saye a can kashi 15 ne, kuma yana hawa kan kuɗin aike. Cajin riyal 15 yana zama 17.25. Talla mai gaskiya na biyun za ta rubuta.

Akwai kalmomi biyu da nake tsayawa idan na gan su. Ɗaya ita ce "daga". "Daga fam ɗaya" ba ta gaya maka wa ke biyan fam ɗayan ba. Sau da yawa sai wanda ya biya ta asusun banki, mai kati kuwa nasa ya fi haka. Masu sayar da tikitin jirgi ma ita suke riƙewa: "Kano daga fam 450", sai ka je biya ka tarar babu jakar kilo 23 a ciki, kuma farashin na watan da babu mai tafiya ne, ba na satin Sallah ba. Wanda zai je gida da tsaraba, jakar nan ita ce rabin tafiyar. Ɗaya kalmar kuma ita ce "garaɓasa". Yawanci ta aiken farko ce kawai, daga na biyu farashi ya koma yadda yake. Idan haka ne a rubuta "aiken farko kaɗai" a layi ɗaya da garaɓasar, da girman baƙi ɗaya, kada a jefa shi can ƙasa bayan tauraro.

Saura abin da ake cirewa a can gida. Kuɗi sun shiga asusu cif-cif, amma Inna tana ƙauye, banki yana da nisa, sai ta aiki jika wurin mai injin cire kuɗi a bakin kasuwa, shi ma ya ɗauki nasa. A Nijar wakilin da ke fitar da kuɗin waya yana iya yankar nasa kason. Kamfanin aike ba shi ke sa wannan farashi ba, ba zai kuma iya faɗin adadinsa ba, amma zai iya ƙara gajeren layi: "Mai cire kuɗi a gida zai iya karɓar nasa lada." Ma'aikaciyar jinyar nan da ta ga haka sai ta ɗora fam biyu a kai, ta kira ta ce, "Inna, dubu ɗari uku da casa'in da biyun naki ne, na sa na mai inji daban."