Yadda ake ƙin tayin mai kawo kaya ba tare da an ɓata hulɗa ba

A kasuwar Bahaushe, mai sayarwa yana da kalmar da yake ƙin tayi da ita cikin mutunci. Idan mai saye ya taya bai kai ba, sai ya ce "albarka", kowa ya fahimci cewa kuɗin ne bai yi ba, ciniki kuma bai mutu ba. Mai saye ne ba shi da irin wannan kalma. Idan dila ya kawo masa tayin da bai gamshe shi ba, yakan fake da "bari in duba" ko "zan neme ka", daga nan ya daina ɗaga waya. Yana ganin kara ya yi, alhali a wajen dila wannan shirun ya fi "a'a" ciwo, domin wataƙila ya ware kayan a sito yana jira, ya kuma hana wani mai saye.

Mu ɗauki misali da mai gidan burodi da ke cin buhun fulawa 200 mai kilo 50 a wata. Farashin da za a ambata na misali ne kawai. Tsohon dilansa yana kawo masa buhu 50 duk mako a kan Naira 60,000, ya ba shi kwana 14 kafin ya biya. Sai wani sabon dila daga Kasuwar Singa a Kano ya zo da tayin Naira 58,500, amma da sharaɗi biyu: kuɗi hannu, kuma ba zai sayar da ƙasa da buhu 300 ba.

Rangwamen Naira 1,500 a kan buhu 300 ya kama Naira 450,000, abin da ke da daɗin ji. Sai dai kafin a samu wannan rangwame sai an fitar da Naira miliyan 17 da dubu 550 a rana ɗaya, a kan fulawar da za ta ɗauki mako shida kafin ta ƙare. Siton gidan burodin buhu 100 kawai yake ɗauka, ga shi damina ce, lokacin da fulawa ke shan danshi ta dunƙule ko ƙwari su shige ta. Buhu takwas kaɗai idan suka lalace, rangwamen ya tafi gaba ɗaya. Saboda haka ƙin tayin ne daidai. Amma wannan dila yana da kaya masu yawa da farashi mai sauƙi, kuma ranar da fulawa ta yi ƙaranci ko motar tsohon dila ta lalace a hanya, shi za a nema.

Abu na farko shi ne mai gidan burodin ya gane ainihin abin da ya ƙi. Bai ƙi fulawar ba, bai ƙi farashin ba. Yawan buhunan da tsarin biyan ne ba su dace da shi ba, kuma wannan ya kamata ya faɗa. Mutane da yawa sukan ƙirƙiro dalili don su tsira da fuska, su ce "kayanka sun yi tsada". Illar hakan ita ce dila zai dawo gobe ya rage Naira 500, sai mai saye ya rasa ta cewa, ko ya sake wata ƙaryar. Dalili na gaskiya kuwa yana nuna wa dila abin da zai gyara idan yana son cinikin nan gaba.

Akwai kuma wani batu na shari'a da 'yan kasuwa ba su cika lura da shi ba. A dokar kwantiragi da Najeriya ta gada daga Ingila, da zarar an ƙi tayi, tayin ya mutu, ba za a dawo bayan mako guda a ce an karɓa kuma dole mai kaya ya sayar ba. Haka ma idan aka mayar da wani tayin a madadinsa. Shari'ar Hyde da Wrench ta 1840 ce ta kafa wannan: mai gona ya nemi fam 1,000, mai saye ya taya fam 950, da aka ƙi sai ya dawo ya ce ya yarda da fam 1,000, kotu ta ce babu sauran tayin da zai karɓa. Tambaya kuwa ba ta kashe tayi. Don haka idan mai gidan burodin bai gama yanke shawara ba, gara ya ce "ko akwai halin a raba kayan kashi uku?" maimakon "zan ɗauki buhu 100 kawai". Ta farko neman bayani ce, ta biyu sabon tayi ne da ya share na farko.

Idan kuma ya yanke shawara, ya sanar da wuri, kafin wa'adin tayin ya cika. Ya fi kyau ya kira da kansa, kada ya aika yaron shago, sa'an nan ya bi kiran da rubutaccen saƙo mai kama da wannan:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Na gode da tayin da ka aiko da kuma buhun gwaji. Mun kwaɓa shi, burodin ya tashi yadda muke so. Sai dai ba za mu iya ɗaukar wannan tayi ba, domin sitonmu bai wuce buhu 100 ba, kuma ba mu da halin biyan buhu 300 gaba ɗaya. A watan Nuwamba, idan ruwa ya ɗauke, muna shirin faɗaɗa siton. Zan kira ka a makon farko na watan. Kafin nan, don Allah a ci gaba da turo mana farashi. Allah Ya ƙara buɗi."

Jimlar ƙin a fili take, ba ta bar dila cikin zato ba. Bayani kan buhun gwaji ma yana da daraja a wajensa, tunda kuɗi ya kashe a kai, kuma da fulawar ba ta yi kyau ba, da sai a faɗa masa abin da aka gani. Abin da ya fi riƙe hulɗar shi ne ambaton wata da kuma wanda zai kira wani. "Sai wani jiƙon" ba alkawari ba ne, kowane dila ya san haka. Amma kada a ambaci Nuwamba idan babu niyyar kira. In har Nuwamba ta zo sito bai samu ba, a kira ɗin dai a faɗa masa. Mai hali yana iya ƙarawa da ɗan ciniki, ya sayi buhu 20 a farashin yau da kullum, domin sunansa ya shiga littafin dilan.

Kuskuren da ya fi ɓata hulɗa yana faruwa ne a bayan fage. Mai saye ya ɗauki takardar sabon dila ya kai wa tsohon dilansa, ya ce ga abin da wane ya ba ni, sai ka rage. Neman rangwame ba laifi ba ne, ana iya cewa farashi ya sauka a kasuwa. Amma nuna takarda da suna tona asirin ciniki ne, kuma dilolin kaya ɗaya sun san juna, sau da yawa ma a kamfani ɗaya suke sari. Labarin zai koma. Haka nan idan tayin ya zo da wani ihsani ga manaja ko mai kula da sito, a mayar da shi cikin ladabi tare da amsar, don kada ya zama bashin da za a biya da ciniki na gaba.

Ana gane ko ƙofar tana buɗe ne daga abin da ya biyo baya. Idan dila ya ci gaba da turo farashi, ko ya dawo da tayin buhu 100, saƙon ya isa yadda ake so. Idan kuwa ya yi shiru wata biyu, ya dace mai gidan burodin ya kira ya tambayi farashin ranar tun bai shiga buƙata ba, domin a lokacin ƙarancin kaya dila yakan fara sallamar waɗanda ya saba ji daga gare su.