Jinga ta ƙare, an ce "tunda kana wurin": yadda ake rubuta saƙon ƙarin aiki

Manomin Rimin Gado ya san jinga. Kafin a sa fartanya a ƙasa, mai gona da 'yan ƙwadago suna zaga iyaka, a ce daga wannan kuka zuwa waccan kunya, kuɗi kaza. In daga baya mai gona ya ce a haɗa da gefen gyaɗa, kowa ya san sabon ciniki ne. Masu aikin hannu da ke ciniki ta WhatsApp, irin masu haɗa sola da magina da masu walda, su ne iyakarsu ke ɓacewa, domin ƙarin aikin yakan zo a saƙon murya, cikin raha.

Mu ɗauki misali, kuma kuɗaɗen na misali ne. Wani matashi ya karɓi aikin sola a wani gida a Gulu: fitilu da fanka a ɗaki uku da tsakar gida, kuɗin hannu naira 80,000, kwana biyu. Mai gidan yana Kano. Rana ta biyu ya aiko: "Injiniya, tunda kana wurin, ja mana waya zuwa shagon ƙofar gida, za a sa firiza."

Amsar da ke fara zuwa baki iri biyu ce. Ko "Ba matsala, Alhaji", wadda Alhaji zai ɗauka kyauta ce, ko "Wannan fa ba ya cikin maganarmu, sai ka ƙaro kuɗi", wadda ke kama da zargi, kuma ba ta faɗi nawa ba. Ta farkon ta fi illa, a ganina, domin rigimarta sai ranar biya take tashi, lokacin da wayar ta riga ta shiga bango.

Ga yadda ya kamata saƙon ya kasance:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na ji saƙonka a kan shago. Abin da muka daidaita tun farko shi ne ɗaki uku da tsakar gida a kan 80,000, kuma yau zan kammala in sha Allahu. Na shago ƙari ne: waya mita 25, soket biyu da fitila ɗaya. Kaya 35,000, kuɗin mota zuwa Kano 3,000, kuɗin hannu 15,000, jimla 53,000, kuma zai ƙara mana kwana ɗaya. Sai dai batir ɗin nan don fitilu da fanka aka lissafa shi. In aka ɗora firiza ba zai kai asuba ba. Ko dai a riƙa kunna ta da rana kawai, ko a ƙara batir, in aiko da farashinsa daban. Wannan farashin na mako ɗaya ne saboda kaya na hawa. In ka amince, ka rubuto mini, sai in fara."

Dubi inda ladabin yake. Ba a yawan "don Allah ka yi haƙuri" ba. Wanda ya cika ban haƙuri kamar roƙo yake yi, kuma roƙo ana iya ƙin sa. Ladabin shi ne an ce "muka daidaita", ba "ka ce" ba, an tuna wa Alhaji tsohuwar magana ba tare da ƙaryata shi ba. An kuma raba kuɗin kaya da na hannu. Mai gida da ke nesa abin da ya fi tsoro shi ne a ci shi a kaya, to in ya ga tsawon waya ƙarara, yana iya aika yaro Sabon Gari ya tambayo farashi, hankalinsa ya kwanta.

Maganar batir ita ce masu aiki suka fi tsallakewa, don gudun kada ciniki ya lalace. Amma ƙarin aiki yakan taɓa tsohon aiki. In firiza ta shanye batir, fitilu suka mutu cikin dare, ba wanda zai tuna shago. Za a ce Injiniya bai iya aiki ba.

Akwai iyaka kuma. In soket ɗin da ka sa jiya ya saki, gyaransa a kanka yake, kada ka sa shi a lissafin ƙari. In kuma ka ga dama ka yi wani ɗan abu don mutunci, kamar ɗaura ƙwan fitila a zaure, rubuta shi ka ce "wannan kyauta ne", don kada gobe a ɗauka haka duk ƙari yake.

In Alhaji ba mai karatun boko ba ne, karanta masa saƙon da murya, amma ka tura rubutun ma. In a waya ya amsa da baki, bi shi da layi ɗaya: "Kamar yadda muka yi magana yanzu, ka amince da 53,000, gobe zan shiga Kano sayen kaya." In kuma ƙanin Alhaji ko uwargida ne suka nemi ƙarin, saƙon ga mai biyan kuɗi zai tafi, kuma ba a yanka waya sai amsarsa ta zo.