Alawar zinki da mura: lokacin farawa, iyakar sha da ƙarancin jan ƙarfe a jiki

A wannan takarda za mu duba alawar zinki, wato ƙwayar da ake tsotsa a baki domin rage tsawon mura. Ba ita ce ƙwayar zinki mai miligiram 20 da ake ba yara masu zawo a asibitocinmu ba.

An fara gwada ta a Teksas ta Amurka, aka wallafa sakamakon a 1984. A wani gwaji na 1996 a Kilibilan, masu tsotsar alawa mai miligiram 13,3 sun warke cikin kwana 4,4, sauran kuwa cikin kwana 7,6. Bitar ƙungiyar Kokuren ta 2024 ta ce tana iya rage kimanin kwana biyu, amma hujjar ba ta da ƙarfi, kuma babu tabbacin cewa tana hana kamuwa.

Ana farawa cikin awa 24 daga fitowar alamun farko, wato kaikayin maƙogwaro da atishawa. A bar ta ta narke a baki, kada a tauna ko a haɗiye, domin ana ganin a maƙogwaro take aiki. Takan bar ɗaci a baki, ta kuma tayar da zuciya.

Sai batun iyaka. Namiji baligi na buƙatar miligiram 11 a rana, mace 8. Iyakar sha na yau da kullum miligiram 40 ce a Amurka, 25 a Tarayyar Turai. Amma gwaje-gwajen da suka nuna amfani galibi sun wuce miligiram 75. Mu ɗauki mai tsotsar alawa shida a yini: 13,3 sau shida ya ba mu kusan miligiram 80, ninki biyu ke nan na iyakar Amurka. Na kwana biyar zuwa bakwai, baligi mai lafiya yakan jure wannan. Kada dai a wuce mako biyu.

Idan mutumin nan ya ci gaba da sha duk tsawon hunturu da nufin rigakafi, ga abin da zai iya biyo baya. Yawan zinki na sa bangon hanji ya ƙera wani furotin mai suna metalotiyonin, wanda ke kama jan ƙarfen da ke cikin abinci. Da ƙwayoyin bangon suka zube, sai jan ƙarfen ya fita da bayan gida bai shiga jini ba. Bayan makonni ko watanni sai ƙarancin jini wanda maganin ƙarfe bai gyara shi, da raguwar fararen ƙwayoyin jini, da mutuwar tafin ƙafa, da tangaɗi wajen tafiya.

Awon jan ƙarfe da zinki a jini ne ke tabbatar da cutar. In an daina zinki, likita ya ba da jan ƙarfe, jini yakan gyaru, amma lahanin jijiyoyi ba kullum yake warkewa sarai ba. Saboda haka muke ganin tsawon kwanakin sha ne abin da ya kamata a fi sa wa ido.