Dikoda Na Cikin Kwali, Kuɗi Na Ci Gaba Da Fita

A gidaje da yawa an daɗe da naɗe wayoyin dikoda an jefa ta saman durowa. Wasu tsadar kuɗin wata ce ta kore su, wasu rashin wuta, wasu kuma yara ne suka koma kallo a waya. Amma wata na ƙarewa sai maigida ya ji alat, an cire kuɗin kallon da ba wanda ya yi. Nan take sai a ce kamfani ya yi sata. Sau da yawa ba haka abin yake ba.

Dikoda karɓa kawai take yi. Siginar na saukowa daga tauraron ɗan'adam zuwa faranti, ko daga hasumiya zuwa eriya, dikoda ta buɗe tashoshin da aka biya. Irin wadda ta cika gidajenmu ba ta mayar wa kamfani da labarin ko tana kunne. Abin da kamfani ke gani shi ne asusun da ke ɗaure da lambar katin dikodar, da ranar da kuɗinsa zai ƙare. Don haka zare soket bai isar da saƙo ga kowa ba. Kwanakin da aka saya za su ci gaba da tafiya, ko ana kallo ko ba a yi.

To, idan watan ya ƙare fa, me ya sa ake sake cira? A Najeriya biyan DStv da GOtv da StarTimes na kafin kallo ne. In ba a biya ba, tashoshi su rufe, shi ke nan. Saboda haka idan kuɗi na fita da kansu, akwai umarnin da aka taɓa bayarwa aka manta da shi.

A ce Malam wane yana biyan naira 10,000 a wata. Wata rana ana dab da fara wasan ƙwallo kuɗi suka ƙare, ya miƙa wa ɗansa waya ya ce yi maza ka biya. Yaron ya shigar da lambar katin banki, ya taɓa wurin da aka rubuta "Auto-renew" don kada a sake katse musu kallo. Bayan wani lokaci aka ajiye dikodar. Da yake alat ɗin kan shigo cikin tarin saƙonni, sai da aka yi wata biyar kafin Malam ya lura. Naira 50,000 ke nan. In kuwa ya sayar da dikodar a kasuwa ba tare da an sauya sunan mai asusun ba, wani yana can yana kallo da guminsa.

Maganin shi ne a kashe umarnin a inda aka kunna shi, kuma bayanin da ke jikin alat ɗin ne zai nuna wurin. Idan a manhajar banki aka tsara biyan duk wata, a nan za a soke shi, ko a je reshe a cike takarda. Idan a manhajar kamfanin ko ta 'yan biyan kuɗi aka ajiye kati, a shiga a kashe sabuntawar, a cire katin. Goge manhajar daga waya ba ya soke komai. Wannan kuskure ya ci mutane da dama. Toshe katin banki yana tsayar da abin da ke bi ta katin, amma ba ya taɓa umarnin da aka ɗaura kai tsaye a kan asusun banki. A kuma tambayi ko akwai ragowar kuɗi a asusun dikodar, domin in sun kai na wata guda, suna iya sabunta kallon da kansu.

Wanda tafiya ce kawai ta kama shi yana da wata hanyar. A 2016 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta umarci MultiChoice da ya ba masu kallo damar dakatar da asusunsu na kwana 7 zuwa 14, sau biyu a shekara, in sun sanar kafin lokacin. StarTimes kuma na sayar da kallon kwana ɗaya ko na mako, wanda ya fi dacewa da gidan da wuta ba ta zama.

Batun dawo da kuɗi shi ne mai wuya. Abin da aka cira kafin ka soke umarni, da kyar ya dawo, tun da da izininka aka cira. Sai dai ka roƙa, wataƙila a mayar maka da shi kwanakin kallo. Wanda aka cira bayan ka soke kuwa haƙƙinka ne. Shi ya sa ake ajiye hoton allon da ya nuna sokewar da lambar ƙorafi. Ka fara kai kuka banki a rubuce. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya na karɓar ƙara, hukumar FCCPC kuma na karɓar wadda ta shafi kamfanin. Kafin nan, mai karatu, ka buɗe bayanan asusunka na wata uku da suka wuce, ka duba ko akwai adadin da ke fita a rana ɗaya kowane wata.